Wasiƙar neman ƙarin albashi: hujja ake kaiwa ofis, ba kuka ba

A aji ana koya mana rubuta wasiƙar neman aiki, kuma duk wanda ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya san inda ake sa adireshi da kwanan wata da kan magana. Amma akwai wata wasiƙar da ba kasafai ake koyar da ita ba, alhali kusan duk wanda ya kama aiki a kamfani ko shago ko makarantar kuɗi, wata rana zai buƙace ta. Ita ce wasiƙar da ma'aikaci ke rubuta wa shugabansa yana neman a ƙara masa albashi.

Da yawa daga cikin masu rubuta ta suna cika takarda da labarin halin da suke ciki: kuɗin haya ya tashi, kuɗin mota ya ninka, iyali sun ƙaru. Duk wannan gaskiya ne, sai dai manajan da zai karanta ya riga ya sani, domin shi ma kasuwa ɗaya yake ci da su, kuma duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa za su iya faɗin haka. Abin da yake son ji amsar tambaya biyu ce. Me wannan ma'aikaci ya ƙara wa kamfani? Nawa kuma ake biyan mai irin aikinsa a wasu wurare? A wannan makon za mu bi wasiƙa guda ɗaya daga farkon shirinta har zuwa miƙa ta, mu ga yadda ake amsa tambayoyin nan biyu da hujjar da za a iya dubawa a tabbatar.

Wa wasiƙar take yi wa amfani?

Mu fara da iyakarta. Ma'aikacin gwamnati ba ya samun ƙarin albashi ta hanyar rubuta wa shugabansa irin wannan takarda. A aikin gwamnatin tarayya akwai matakan albashi daga na 1 zuwa na 17, kowane mataki da 'yan hawa-hawa a cikinsa, kuma kuɗin kowane mataki a rubuce yake. Albashi yana ƙaruwa idan mutum ya sami ƙarin girma, ko ya hau ƙaramin mataki na shekara, ko kuma gwamnati ta sake tsarin gaba ɗaya. Shugaban sashe ba shi da ikon ya ce yau ya ƙara wa wane naira dubu ashirin.

Inda wasiƙar ke da tasiri shi ne wuraren aiki masu zaman kansu, inda mai kamfani ko manaja ke iya yanke abin da za a biya kowa. A can doka ta shimfiɗa ƙasa ce kawai. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama naira 18,000 a 2011, ya koma naira 30,000 a 2019, sannan ya kai naira 70,000 a watan Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai mutum 25 ba. Duk abin da ya haura wannan adadi ciniki ne tsakanin mai aiki da mai ba da aiki, kuma wasiƙar da muke magana a kai ita ce hanyar buɗe cinikin cikin mutunci.

Misalin da za mu bi

Mu ƙaddara wata ma'aikaciya, mu kira ta Wance. Ita da alƙaluman aikinta duk misali ne muka tsara don darasi. Wance mai kula da sito ce a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Ta kama aiki a watan Janairun 2023 a kan naira 100,000 a wata, kafin a cire haraji da kuɗin fansho. Yau ga shi shekara biyu sun cika, muna cikin Janairun 2025, albashi bai motsa ba. Ta san tana ƙoƙari, kowa ma yana faɗa. Amma "ina ƙoƙari" ba hujja ba ce, don babu ma'aikacin da zai ce shi rago ne. Aikinta na farko shi ne ta mayar da ƙoƙarin nan lissafi.

Mayar da ƙoƙari lissafi

Kowace nasara da za a sa a wasiƙa tana da gaɓa uku: yadda abu yake a da, abin da mutum ya yi, da yadda abin ya koma. Idan ɗaya ta ɓace, magana ta zama yabon kai.

Wance ta buɗe littafin sito. Ta ga cewa daga Yuli zuwa Disamban 2023, kamfanin yana asarar kimanin buhu 12 na shinkafa a kowane wata. Wasu danshi ya ɓata, wasu ɓeraye suka fasa, wasu kuma lissafinsu ne ya ƙi fita. A Janairun 2024 ta kawo sauyi huɗu. Ta sa aka daina ajiye buhuna a kan siminti, aka riƙa ɗora su a kan katako. Ta rataya wa kowane jeri kati mai ɗauke da ranar da kayan suka shigo. Ta kafa dokar cewa buhun da ya riga shigowa shi zai riga fita. Sannan ta mayar da ƙirga kaya duk ranar Alhamis, maimakon a jira ƙarshen wata. Daga Yuli zuwa Disamban 2024, asarar ta sauka zuwa kimanin buhu 3 a wata.

Ku lura da watannin da ta zaɓa. Ta gwada Yuli zuwa Disamba na shekara ɗaya da Yuli zuwa Disamba na shekarar da ta biyo baya. Da ta gwada watannin damina da na rani, manaja zai iya cewa ai danshi ne ya tafi, ba dabararta ba ce ta yi aiki, kuma zai yi gaskiya. Idan za a gwada, damina da damina ake gwadawa, rani da rani.

Daga nan sai ta mayar da buhuna kuɗi. Bambancin buhu 9 ne a wata. Idan kamfanin yana sayar da buhu a kan naira 60,000, abin da aka daina asara ya kama naira 540,000 a kowane wata. Wannan adadi shi ne ƙashin bayan wasiƙarta, domin da shi manaja zai auna ƙarin da take nema.

Ta kuma samo nasara biyu. Lodin babbar mota da ke cin awa uku ya koma awa biyu, saboda an san inda kowane kaya yake, kuma littafin mai gadin ƙofa yana nuna lokacin shiga da fitar kowace mota. Bayan haka, tun da akawun sito ya bar aiki a watan Maris na 2024 ba a ɗauki wani ba, ita ce ke rubuta rahoton kullum a kan aikinta. Wannan na ƙarshe hujja ce mai ƙarfi, domin aikin da aka ɗauke ta a kansa ya faɗaɗa, albashin kuwa yana nan a kan tsohon aikin.

Uku sun isa. Wance tana da wasu abubuwan da za ta iya lissafawa, kamar cewa ba ta makara, kuma tana zaman lafiya da kowa. Amma waɗannan su ne aka ɗauke ta aiki dominsu tun farko. Idan aka jera abu goma, bakwai marasa nauyi sai su rufe ukun da ke da nauyi.

Akwai kuma batun gaskiya. A cikin 2024 kamfanin ya gyara rufin sito, kuma gyaran ya taimaka wajen rage danshi. Leburori ne kuma suka ɗauki buhunan suka jera. Idan Wance ta ce ita kaɗai ta ceto duka buhu 9, manajan da ya sa hannu a kan kuɗin gyaran rufi zai tuna, daga nan kuma sai ya fara shakkar sauran abin da ta rubuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Saboda haka za ta ambaci rufin da bakinta, ta ce "na tsara" a inda ita ta tsara, ta ce "muka yi" a inda aikin na jama'a ne.

Nawa ake biya a kasuwa?

Wanda zai kai tunkiya kasuwa yakan fara zagaya kara ya ji yadda ake taya irinta. Haka aikin mutum yake da farashi, kuma ana gano shi ta hanyar bincike. Wance ta bi hanya uku. Ta duba sanarwar neman ma'aikata a jaridu da shafukan neman aiki, ta ware waɗanda suka faɗi albashi. Ta tambayi waɗanda suka yi karatu tare, masu irin aikinta a wasu kamfanoni. Ta kuma tuntuɓi wani tsohon shugabanta da ya san harkar. A ƙarshe ta sami adadi huɗu:

Kamfanin rarraba taki a Kano, naira 120,000.
Kamfanin casar shinkafa a Jigawa, naira 135,000.
Kamfanin rarraba kayan masarufi a Kaduna, naira 150,000.
Babban kamfanin shigo da kaya a Legas, naira 250,000.

Na Legas yana da daɗin gani, amma tarko ne. Sanarwar tana neman mai digiri da gogewar shekara biyar, wanda zai shugabanci mutum ashirin, a garin da kuɗin haya ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Sunan aikin ne ɗaya, aikin ba ɗaya ba ne. Idan ta haɗa shi da sauran ta raba huɗu, za ta sami naira 163,750, adadin da babu kamfani ko ɗaya a yankinta da ke biya cikin waɗanda ta gani. Manaja zai gane haka nan take. Sai ta cire shi, ta tsaya a kan ukun da suka yi kama da nata. Na tsakiyarsu naira 135,000 ne, idan kuma aka haɗa su aka raba uku, nan ma 135,000 ake samu.

Kafin a amince da kowane adadi, sai an yi masa tambaya huɗu. Shin girman aikin ɗaya ne? Shin garin ko yankin yana kusa da namu a tsadar rayuwa? Shin adadin na bana ne, ko na shekara uku da suka wuce? Sannan, kuɗin da aka ambata kafin cire-cire ne ko bayansa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga kuɗin ma'aikaci, mai ba da aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, ga kuma haraji. Idan aboki ya ce yana karɓar naira 120,000, watakila abin da ke shiga asusunsa yake nufi, alhali sanarwar jarida tana faɗin adadin kafin a cire komai. Wani wurin kuma albashi kaɗan ne, amma ana ba da abincin rana da motar kai ma'aikata. Idan ba a daidaita waɗannan ba, gwadawar ba ta da amfani.

Hauhawar farashi ma tana da gurbi a wasiƙa, amma a matsayin adadi, kuma a jimla ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024. Ma'anarsa, kayan da aka saya naira 100,000 a Disamban 2023 sun koma kimanin naira 134,800 bayan shekara guda. Wato albashin Wance bai canza a takarda ba, amma abin da yake iya saya ya koma kamar na naira 74,000. Bambancin wannan da kuka shi ne, adadin na hukuma ne, kowa zai iya dubawa. Hukumar tana fitar da sabon adadi duk wata, don haka mai rubutu ya nemi na lokacinsa, kada ya kwafi namu.

Faɗin adadi

Wasu suna jin nauyin faɗin abin da suke so, sai su rubuta "a duba a ƙara mini abin da ya sawwaƙa". Wanda ya rubuta haka ya bar cinikin a hannun wani. Idan aka ƙara masa naira 5,000, an biya masa buƙata kamar yadda ya nema, ba shi da bakin magana. Wance za ta faɗi adadi ɗaya, naira 135,000, da ranar da take so ya fara aiki.

Ƙarin naira 35,000 ne a wata, wato kashi 35 cikin ɗari. Ba ƙaramin tsalle ba ne, shi ya sa za ta yi wa manaja lissafin da kanta. A shekara ƙarin ya kama naira 420,000. Ko da an ɗora kason fansho na kamfani a kai, ba zai wuce kimanin naira 462,000 ba. Asarar da aka daina yi a sito kuwa naira 540,000 ce a wata ɗaya. Ke nan ƙarin shekara guda bai kai abin da aka tsimar a wata guda ba. Manajan ma yana da wanda zai yi wa bayani, ko mai kamfani ko sashen kuɗi, kuma wannan ita ce jimlar da zai ɗauka ya kai musu.

Ga wasiƙar

Sashen Sito,
Kano.
Janairu, 2025.

Zuwa ga Manajan Kamfani,
Ta hannun Shugaban Sashen Sito.

Ranka ya daɗe,

NEMAN A SAKE DUBA ALBASHINA

Ina rubuta wannan takarda ne don in nemi a ƙara albashina daga naira 100,000 zuwa naira 135,000 a wata, daga watan Maris na 2025. Na kama aiki a matsayin mai kula da sito a Janairun 2023, kuma ba a sake duba albashin ba tun daga lokacin.

Ga dalilaina. Na ɗaya, a Janairun 2024 na tsara sabuwar hanyar jera kaya da ƙirga su duk mako, muka aiwatar tare da ma'aikatan sito. Wannan, haɗe da gyaran rufin da kamfani ya yi, ya rage asarar shinkafa daga kimanin buhu 12 a wata, tsakanin Yuli da Disamban 2023, zuwa kimanin buhu 3 a irin waɗannan watanni na 2024. A farashin naira 60,000 kowane buhu, bambancin ya kai naira 540,000 a wata. Na biyu, lodin babbar mota ya sauka daga awa uku zuwa awa biyu, kamar yadda littafin ƙofa ya nuna. Na uku, tun watan Maris na 2024 nake haɗa aikina da na akawun sito.

Na kuma binciki abin da ake biyan mai irin aikina a kamfanoni uku masu kama da namu a Kano da Jigawa da Kaduna. Albashin yana tsakanin naira 120,000 da naira 150,000 kafin cire haraji da fansho. Abin da nake nema shi ne na tsakiya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma ta nuna cewa farashin kaya ya hau da kashi 34.80 cikin ɗari a shekarar da ta ƙare a Disamban 2024.

Ƙarin zai kama naira 420,000 a shekara, wanda bai kai asarar da muka rage a wata ɗaya ba. Na haɗa taƙaitaccen lissafin sito da kwafin sanarwar ayyukan da na ambata.

Ina jin daɗin aikina a nan, kuma ina fatan ci gaba da shi. Zan yi godiya idan aka ba ni lokaci cikin mako biyu masu zuwa don mu tattauna.

Taka mai biyayya,
Wance,
Mai kula da sito.

Abin da ke ciki da abin da babu

Mu duba yadda aka gina ta. Jimlar farko ta faɗi buƙata, da adadi, da wata. Manajan da ke da takardu ashirin a gabansa ya san abin da ake nema tun kafin ya kai layi na uku. Sai nasarori, mafi nauyi a gaba, kowacce da littafin da za a buɗe a tabbatar. Sai farashin kasuwa. Sai abin da ƙarin zai ci wa kamfani. A ƙarshe ta nemi zama, ta kuma sa lokaci, domin takardar da ba ta nemi amsa ba takan kwana a durowa. Duka ba ta wuce shafi ɗaya ba. Kamfanoni da yawa da Turanci suke karɓar irin wannan takarda, amma jerin gaɓoɓin ba ya canzawa da harshe.

Akwai abu uku da ta bari da gangan. Ba ta ambaci albashin abokin aikinta ba. Da ta ce "wane da ya zo bayana ya fi ni albashi", da magana ta bar kan aikinta ta koma kan wa ya gaya mata, wanda ya gaya matan kuma ya shiga uku. Haka nan ba ta faɗi sunan ƙawayen da suka ba ta adadi ba.

Ba ta yi barazanar barin aiki ba. Wanda ya rubuta "idan ba a ƙara ba zan tafi" ya shirya jin "Allah ya kiyaye hanya". Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi wuyar janyewa. Idan da gaske wani kamfani ya ba mutum takardar ɗaukar aiki, wannan ita ce hujjar kasuwa mafi ƙarfi, kuma zai iya ambata ta cikin ladabi, amma sai in ya yarda a ransa cewa zai tafi idan aka ƙi. Ƙirƙiro tayin da babu shi kuwa caca ce da abincin mutum, don ana iya cewa ya kawo takardar a gani.

Sannan ba ta ɗebi asirin kamfani ta kai waje ba. Alƙaluman sito na kamfani ne. Ta yi amfani da su a takardar da za ta tsaya a cikin kamfanin, ba ta nuna wa ƙawayenta su lokacin da take tambayar albashinsu ba.

Lokaci da hanyar miƙawa

Wasiƙa mai kyau tana iya faɗuwa idan ta zo a mummunan lokaci. Kamfanoni sukan tsara kasafin albashi sau ɗaya a shekara, kuma takardar da ta iso bayan an rufe kasafi amsarta "sai baɗi". Ya kamata mutum ya tambayi sashen ma'aikata watan da ake wannan tsari, ya miƙa tasa kafin nan. A misalinmu mun ƙaddara cewa kamfanin su Wance yana sake duba albashi a watan Maris, shi ya sa ta rubuta a Janairu. Da injin casa ya lalace a makon, ko ana cikin rage ma'aikata, da sai ta dakata.

Ku kuma lura da layin nan, "ta hannun Shugaban Sashen Sito". Tsallake shugaban da ke kusa da kai laifi ne a tsarin ofis, kuma shi ne mutum na farko da manaja zai kira ya tambaya ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Gara Wance ta same shi tun kafin ta buga takardar, ta gaya masa niyyarta, ta nuna masa lissafin. Idan akwai kuskure a alƙaluman, a nan za a kama shi. Ranar miƙawa kuma ta tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ta ajiye a gida.

Idan amsa ta zo

Amsa iri uku ce. Idan an amince, ta nemi a ba ta a rubuce, da adadin da ranar farawa, sannan ta duba takardar albashinta a ƙarshen watan. Alkawarin baki yakan tafi tare da manajan da ya yi shi idan aka canza masa wurin aiki.

Idan an taya ƙasa da abin da ta nema, a ce naira 120,000, ba dole ba ne ta amsa a tsaye. Tun kafin ta shiga ofis ya kamata ta san mafi ƙarancin abin da za ta karɓa. A nan 120,000 ya yi daidai da na ƙasa a cikin bincikenta, don haka tayin bai fita daga farashin kasuwa ba. Za ta iya karɓa, ta nemi a rubuta cewa za a sake dubawa bayan wata shida, ko a ba ta alawus na aikin akawun da take riƙe da shi har a ɗauki wani.

Idan kuma an ce babu hali, tambaya biyu za ta yi cikin natsuwa: me ake so ta cim ma kafin a ƙara, kuma yaushe za a sake zama? Daga amsar ake gane inda aka dosa. Manajan da ya ce "a riƙe asara ƙasa da buhu 3 har zuwa Yuni, mu sake magana" ya ba ta abin kamawa. Wanda ya ce "za mu gani" sau biyu, sau uku, ba adadi ba rana, shi ma ya ba ta amsa. A lokacin binciken da ta yi zai sake amfani, domin ta riga ta san wuraren da ke biyan abin da take nema.

Abin gwadawa a wannan zangon

Abin da ya ba wasiƙar Wance ƙarfi an fara shi fiye da shekara guda kafin a rubuta ta, ranar da ta soma rubuta yawan buhunan da suka lalace. Da babu lissafin "da", babu abin da za a gwada "yanzu" da shi. Wannan kuwa ba sai an kama aiki ake koyonsa ba. Idan kai ne mai kula da ɗakin karatu na makaranta, rubuta littattafai nawa suka ɓace a zangon da ya wuce, da abin da ka canza, da yawan da suka ɓace a wannan zangon. Idan kina taya mahaifiyarki sayar da kaya a gida, rubuta bashin da ke waje a farkon wata da wanda ya rage a ƙarshensa. Bayan wata uku, ɗauki takarda ɗaya ka rubuta gaɓoɓin nan uku a jimla biyu: yadda yake a da, abin da na yi, yadda ya koma. Sai ka miƙa wa abokin zamanka a aji, ka ce ya zama manaja, ya nemo maka inda lissafin zai karye.